Harajin Manomi Bisa Matsakaicin Shekaru: Fa'idodi da Illoli

Tun daga 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki. Naira 800,000 na farko cikin abin da mutum ya samu a shekara ba a taɓa su. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18, har a kai 25 ga masu hannu da shuni. Kowace shekara lissafinta daban. Wannan ya dace da mai albashi, amma manomi damina ce ke yanka masa albashi, ita kuwa ba ta yin alƙawari.

A ɗauki mutumin Katsina da ke da gonar masara a wajen Funtua. Bara, bayan ya cire kuɗin taki, iri, haya da ƙwadago, ya ci ribar miliyan 6. Bana ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, da ƙyar ya mayar da uwar kuɗi. Idan ba a sa wani rangwame a lissafin ba, harajinsa na bara Naira 870,000 ne, na bana babu ko kwabo. Maƙwabcinsa mai shago da ya ci ribar miliyan 3 bara, miliyan 3 bana, Naira 330,000 zai biya kowace shekara, jimla 660,000. Abin da ya shiga aljihunsu ɗaya ne, amma manomin ya fi biya da Naira 210,000. Dalili kuwa shi ne rangwamen 800,000 na bana ya wuce shi a banza, ribar bara kuma ta hau matakin kashi 18. Dokarmu ta yarda a ɗauko asara a rage ta daga ribar gaba, sai dai shekarar da aka tashi ba riba ba asara, babu abin ɗaukowa.

Wannan giɓin ne tsarin matsakaici yake cikewa. Birtaniya ta daɗe tana barin manomi ya haɗa ribar shekara biyu ya raba, daga Afrilun 2016 ta ƙara zaɓin shekara biyar. Amurka tana waiwayen shekara uku na baya, Ostareliya da Ayilan biyar. Fa'idarsa ta farko adalci ce: an daina hukunta mutum saboda samunsa yana hawa da sauka. Ta biyu, manomin da ya san kusan abin da za a nema a wurinsa ba zai yi gaggawar kai masara kasuwar Dandume lokacin kaka, farashi na ƙasa, don ya biya haraji ba.

Illar da ta fi damuna tana cikin yadda ake gina tsarin. A irin na Ayilan, harajin kowace shekara yana bin matsakaicin ribar shekarun da suka gabata. Da haka ne, mutuminmu na Funtua zai ga takardar neman kuɗi a shekarar da rumbunsa ba kome. Ayilan da kanta sai da ta ba manoma damar jinkirta biya a shekarar da ta ɓaci. Mu kuma mun san wannan ciwon, domin harajin da aka yanka wa gari ba ya duban fari ko fara, shi ya sa talakawa suka yi murna da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Zakkar amfanin gona ba ta da wannan matsala, tunda abin da aka girbe take bi, idan bai kai nisabi ba babu ita.

Irin na Birtaniya ya fi sauƙi, don bayan shekara ta ƙare ake sake lissafi a mayar wa mutum rarar da ya biya. Amma mayar da kuɗi yana buƙatar ofishin da ke riƙe da fayil ɗin mutum na shekaru, yana kuma buƙatar manomi mai littafi da rasit. Wanda yake sayen taki a kasuwa ba takarda, yana biyan 'yan ƙwadago hannu da hannu, da me zai nuna cewa bana ba ta yi ba? Mai ɗan fili a Batagarawa ko Rimi da ribarsa ba ta kai 800,000 ba, tsarin bai ƙara masa kome ba. Akwai kuma ɗan kasuwar da ke ɓoye hatsi, wanda zai yi saurin kiran kansa manomi.

A ganina fa'idar ta rinjayi illar, da sharaɗin a bar wa manomi zaɓi, lissafin ya zama na waiwaye, rarar kuma a rage masa ita daga harajin baɗi maimakon ya yi ta sintiri a ofis. Hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Katsina karɓa kawai take yi, dokar ta tarayya ce, don haka 'yan majalisarmu da ke Abuja ne za su iya kai maganar.