Suna a fom ɗin banki ba ya mayar da ƙani magaji

A Manga, kamar sauran unguwannin Zuru, da an yi sadakar uku ta ma'aikacin gwamnati sai ka ga wani ƙaninsa ya fara yawo da fayil a hammata, wai sunansa marigayin ya rubuta a banki. To, sai me? Banki ya nemi sunan nan ne don ya san wanda zai tuntuɓa idan ta Allah ta kasance. Kuɗin da ke cikin asusun dukiyar mamaci ce. A biya bashi, a zartar da wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sauran na magada ne.

Fansho ma haka. Sashe na 8 na Dokar Fansho ta 2014 bai ɓoye komai ba: abin da ma'aikaci ya tara ba ya fita sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, kuma da amincewar PenCom.

Mu ƙaddara malamin makarantar tarayya Musulmi ya rasu, bayan biyan bashi an sami naira 2,400,000. Ya bar mata biyu, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata uku. Matan suna da tumuni, 300,000, su raba biyu. Tsohuwa tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 ta 'ya'ya ce: namijin 680,000, kowace mace 340,000. Ƙanin nan mai fayil ko sisi ba shi da shi, ɗan ya katange shi. Amma shi ne za ka ji ya sayi sabon babur, ya miƙa wa zawarawan buhun masara ɗaya yana jiran godiya. Wannan cin dukiyar marayu ne tsagwaronsa, kuma dattawan da ke cewa a yi haƙuri don zumunci da su ake ci.

Inshorar rai ce kaɗai ta bambanta. Doka ta ɗora wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma wanda aka ambata a takardar shi kamfani zai biya. Malamai sun saɓa a nan: wasu na ganin marigayin bai taɓa mallakar kuɗin ba, don haka ba gado ba ne, wasu na cewa a raba kamar diyya. Ni dai ina ganin mutumin da ya cike fom yana tuzuru, ya sa sunan ƙaninsa, ya yi aure har ya tara iyali bai koma ya sauya ba, bai nufi 'ya'yansa su kwana da yunwa ba. Idan ƙanin ya ƙi sakin kuɗin, matan su kai shi kotu, a daina tsoratar da su da zancen tonon asirin gida.