Bidiyon koyarwa: Ba kowane shiru ne ake yankewa ba

Duk lokacin da JAMB ta fara bayar da gurbin karatu, zaurukan WhatsApp na ɗaliban Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sukan cika da bidiyon yadda ake karɓar gurbi a CAPS. Yawanci mutum ya naɗi fuskar wayarsa ne ya tura yadda take. A ganina wannan ba koyarwa ba ce tukuna, sai an tace.

Babbar matsalar ita ce girman rubutu. A waya, sau da yawa shafin CAPS ba ya buɗewa sosai sai an kunna "Desktop site" a Chrome, kuma da an kunna rubutun kan zama kamar tururuwa. Sannan WhatsApp ya matse bidiyon, ya ƙara dusashewa. Ga shi maɓallin karɓar gurbi na kusa da na ƙin karɓa. Ɗalibin da bai ga inda aka taɓa ba zai iya mayar da gurbinsa da hannunsa.

Maganin shi ne zuƙowa. A CapCut, ka tsaya daƙiƙa ɗaya kafin a danna, ka sa "Keyframe", ka matsa gaba rabin daƙiƙa, sai ka buɗa hoton da yatsu biyu har ya kusa ninka girmansa. Ka zagaye maɓallin da jan da'ira guda ɗaya tak, ka bar ta daƙiƙa biyu ko uku. Daga nan ka mayar da hoton yadda yake, don mai kallo ya san a wane gefen shafi yake. Idan aka zuƙo ba a dawo ba, zai ga maɓallin amma ba zai samo shi a tasa wayar ba.

Inda na saɓa da masu tace bidiyo da yawa shi ne yanke shiru. Inda-inda da kuskuren rubuta imel, a yanke su da "Split". Amma jiran da shafi ke yi kafin ya buɗe, darasi ne shi ma. A ce ya ɗauki daƙiƙa 40. Idan ka cire shi gaba ɗaya, ɗalibin da ke ƙauye a Doguwa, mai fama da raunin sabis, zai ɗauka tasa ce ta lalace, ya yi ta danne-danne ko ya rufe shafin. Ka bar daƙiƙa uku na jiran, ka rubuta a kai: "Nan sai ka jira, kada ka sake dannawa."

Wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne, kuma data na da tsada. Ai tacewar ce ke mayar da naɗin minti shida ya koma ɗaya da rabi, ta rage wa kowa kashe data.

Kafin ka saki, ka rufe lambar rajista da imel ɗin da suka fito. Sannan ka tura wa kanka ta WhatsApp, ka kalla a ƙaramar waya, ba sauti. In ba ka gane inda za a danna ba, ka koma ka gyara.