Kada A Tsaya Ga Jimla A Takardar Awon Kitsen Jini

Jama'a, akwai wata al'ada da ya kamata masu ilmi su bari. Mutum ya karɓo takardar awon kitsen jininsa daga asibiti, ya dubi jimlar kolestarol kaɗai, in ta gaza 200 ya yi hamdala, in ta wuce hankalinsa ya tashi. A ganinmu wannan karatu bai cika ba, gama jimlar nan abu uku ne aka tara, kuma ba halinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne LDL, wanda ke maƙalewa a bangon jijiyoyin jini, ya yi ta taruwa shekara da shekaru har hanya ta ƙuntace. Shi ne abin tsoro. HDL kuwa yana kwashe kolestarol ya mayar hanta. Na uku, wanda ake rubutawa TG, kitse ne da ke hawa saboda ƙiba, yawan zaƙi, giya ko ciwon sukari.

To, akawu ya ɗauki alƙalami. A ce malamai biyu ne, kowanne jimlarsa 220 a ma'aunin mg/dL. Na fari HDL nasa 70, TG 100. Bisa lissafin Friedewald na 1972, sai a raba TG gida biyar, a haɗa da HDL, a ɗebe daga jimla. Watau 220 a ɗebe 90, saura 130, shi ne LDL. Na biyu HDL nasa 35, TG 125, a ɗebe 60, saura 160. Jimla ɗaya, amma na biyu LDL ɗinsa ya kai inda likitoci ke kira mai yawa, HDL ɗinsa kuma ya gaza 40 da ake so ga namiji. In kuwa yana shan taba, ga hawan jini, lalle maganarsa ta likita ce ba da jinkiri ba.

Shi ma na farin kada ya saki jiki. Yawan HDL ba ya goge laifin LDL, kuma magungunan da aka gwada don ɗaga HDL kaɗai ba su ba da kariyar da aka yi zato ba. 130 ɗin nan da sauƙi ga saurayi lafiyayye, amma ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ta yi yawa ainun, don shi ƙasa da 70 ake nema masa.

Lissafin yana da iyaka. In TG ya wuce 400 ba a dogara da shi, sai a auna LDL kai tsaye. Kuma abinci yana ɗaga TG, saboda haka wanda ya ci ƙosai da koko kafin a ɗebi jininsa ya faɗa wa likita, don wataƙila a ce ya komo da safe bayan awa 9 zuwa 12 bai ci kome ba.