Kada Mu Gyaɗa Kai Ga Kalmar Da Ba Mu Gane Ba

Mu da muke sayayya a kasuwar Wad Madani, daga Maiwurno da ƙauyukan Jazira, muna jin Larabcin Sudan sarai. Amma samari biyu za su yi magana a gaban rumfarmu mu fita ba ko kalma ɗaya. Wannan yare shi suke kira Randok. Daga bakin yaran titi da ake ce wa shammasa ya fito, ya shiga bakin direbobi da ɗalibai. Da manya sun gane kalma sai a sake wata, saboda haka hadda ba ta wadatar ba. A ganinmu, hanyar ganewa ya kamata ɗan kasuwa ya koya.

Da farko mu juya kalmar, domin sau da yawa baƙaƙenta aka birkita. "Zol", wato mutum, shi ne ya koma "loz". Idan juyawa ba ta ba da ma'ana ba, to kalmar da muka sani ce aka ɗora wa sabon aiki. A ce yaro ya dube mu ya ce wa abokinsa "al-loz da fara". Mun juya "loz" mun sami mutum, kuma mun san "fara" ɓera ce. To me ya haɗa mai saye da ɓera ana tsakiyar ciniki? Ɓera dai tarko take faɗawa. Nufinsa ga wanda za a cuta, kuma da mu yake.

Abu na biyu, mu lura da inda kalmar take zama. Bayan da yaƙi ya ɓarke a 2023, Madani ta faɗa hannun Da'amus Sari a Disambar shekarar, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. A wannan yaƙin ne kalmar "shafshafa" ta cika gari. Wanda bai santa ba zai iya cim mata idan ya kasa kunne: ba a ambatonta sai a kan firji ko janareta ko mota, kayan ba takarda, farashin ya faɗi warwas, mai sayarwa yana sauri yana rage murya. Ma'anarta wawashe gidajen mutane. Wanda ya gyaɗa kai don jin kunya ya saya, ranar da mai kaya ya gane abinsa, kuɗi sun tafi, mutunci ya bi su.

Sai dai hasashe yana da iyaka. Jin kalma sau ɗaya zato ne kawai, sai mun ji ta a bakin mutum biyu a wuri biyu, ma'anar ta zo ɗaya. Kuma kada mu tambayi mai sayarwa, tunda shi ke da riba a duhun kanmu. Mu tambayi yaron shagonmu ko maƙwabcin rumfa.

Idan kuwa kalmar ta shafi farashi ko asalin kaya, kada mu miƙa ko fam ɗaya sai an maimaita mana da Larabcin kowa da kowa, an rubuta adadin a takarda. Matambayi ba ya ɓata.