Yawan "tamkar" da "sai ka ce" na kashe wa labaran Hausa armashi

Duk wanda ke bibiyar littattafan Hausa na zamani, tun daga na kasuwar Kano zuwa waɗanda ake sakewa shafi-shafi a waya, ya san wasu jimloli da kan zo kamar an yi musu alƙawari. Budurwa ba ta fitowa sai da hanci kamar biro. In an yi kuka, hawaye ne kamar an buɗe famfo. Mummunan labari kuwa ba ya isowa sai tamkar saukar aradu.

Ba kamantawar ce laifi ba. Ɗaliban adabi sun san ta cikin adon harshe, tare da siffantawa da mutuntarwa. Laifin yana ga kamancen da ke yin sallama kafin ya shigo, wanda ke tsayar da labari don marubuci ya nuna ya iya magana. A daidai wannan gaɓar mai karatu yakan daina ganin mutanen labarin, ya koma ganin hannun mai rubutu.

A ɗauki misali. Tela ne a Fagge, daren jajiberin Sallah, ɗinki ya yi masa yawa, sai abokinsa ya shigo ya faɗa masa an sa ranar budurwarsa da wani. Rubutun farko yakan fito haka: "Maganar ta sauka a zuciyarsa tamkar aradu, hawaye suka zubo masa kamar an buɗe famfo, duniya ta yi masa duhu sai ka ce daren da babu wata."

Kamance uku ke nan a jimla ɗaya, kuma babu ko ɗaya da ya san telan. Aradu daga sama take, famfo daga tsakar gida, wata kuma daga wani daren daban. Za a iya cire jimlar ɗungurungum a liƙa wa ɗan kasuwar da aka yi wa sata ko matar da aka saka, ta zauna daram. Wannan ita ce alamar farko: kamancen da zai dace da kowa, aro ne.

Gyaran yana farawa da share ukun duka, a ga abin da ya rage. A nan babu abin da ya rage sai cewa ya ji baƙin ciki, wanda mai karatu ya riga ya sani. Wato adon yana rufe rami ne, marubucin bai tsaya ya kalli shagon ba. In ya kalla, zai tarar da keke, da zare, da almakashi, da yadin mutane da ake jira gobe da safe. Sai ya rubuta: "Bai ce komai ba. Ya ci gaba da taka keken. Sai da yaron shago ya taɓa shi ya lura zaren ya daɗe da ƙarewa, allura tana ta huda yadin ba ta ɗinka komai."

Babu "kamar" a ciki, amma siffantawar tana nan. Allurar da ke huda ba ta haɗa komai ita ce shekarun da ya yi yana neman yarinyar, kuma mai karatu ne zai gano haka da kansa. Nan ne wasu ke ɓata aikin, su ƙara da cewa "tamkar yadda soyayyarsa ta tashi a banza". Da an rubuta haka, an ƙwace wa mai karatu abin da ya tsinta.

Abin mamaki, Hausa ba ta cika buƙatar wannan sallamar ba. Aikatau ɗinta ɗauke suke da ado tun asali: kasuwa tana ci, rana tana take, zuciya tana tafasa, bashi yana hawa kan mutum. Ga kuma amsa-kama irin su tsit da wuluk da tinjim, waɗanda kalma ɗaya cikinsu kan yi aikin layi guda na kamance.

Masu kare tsohon salon suna da hujja. Suna cewa Bahaushe mai son azanci ne, kuma littattafan nan da yawa sauraronsu ake yi a rediyo da waya, inda kunne ke son abin da zai kama nan take. Gaskiya ne a waƙa da kirari. Narambaɗa ko Shata in sun siffanta gwarzo, a bainar jama'a suke yi, kuma nuna gwanintar na cikin aikin. Amma mai ba da labari a rubuce ba a gaban sarki yake ba, aikinsa ya sa a manta da shi.

Inda kamance mai ƙara ya fi zama lafiya shi ne a bakin mutanen labarin. In kakar telan ta dube shi da safe ta ce ya yi zuru-zuru kamar kazar da ruwa ya doka, ba mai cewa an cusa, domin tsohuwa ce mai kaji a tsakar gida, kuma haka take magana. Ko ita ma, in marubuci ya sa mata "masu iya magana sun ce" a gaban kowane karin magana, ta tashi daga kaka ta koma mai gabatar da shiri.