Wa Ya Ce "An Ce"?

A rubutun Hausa na yau babu kalmar da ta kai "an" ɓoye laifi. An bayyana, an yi kira, an nuna damuwa, an ja hankali. Harufa biyu ne kacal, amma mutum na iya shigewa bayansu ya rubuta shafi guda ba tare da ya faɗi wanda ya yi, ko wanda ya ce, ko abin da shi kansa ya yarda da shi ba. Duk marubucin da ya sa sunansa a kan sharhi, sannan ya ari muryar ma'aikata ya yi magana da ita, ya guje wa nauyin da sunan ya ɗora masa, ko da kuwa yana ganin ƙwarewa ya nuna.

Muryar ma'aikata tana da dalilinta, kuma dalili ne mai ƙarfi. Labarin da ke fita daga gidan rediyo ko jarida hannuwa da yawa ne ke taɓa shi: wakili ya aiko, mai fassara ya juya, edita ya rage, wani dabam ya karanta. Dole ne a sami salo ɗaya da kowa zai iya shiga cikinsa, yadda mai sauraro ba zai ji bambanci ba idan mai aikin safe ya miƙa wa na dare. Kuma idan labarin ya jawo ƙara a kotu, gidan ne kan gaba wajen amsawa. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kunnen Bahaushe ya saba da wannan murya mai taka-tsantsan, wadda ke jingina kowace magana ga mai ita. A wurinta ta dace.

Matsalar tana farawa ne lokacin da mutum ɗaya, wanda ba shi da edita a bayansa, ya ɗauko wannan riga ya sa. A ce marubuci ya je wani ƙauye ya tarar da rijiyar burtsatse ta lalace, ya dawo ya rubuta:

"An bayyana cewa matsalar ƙarancin ruwan sha na ci gaba da ci wa al'ummar yankin tuwo a ƙwarya. Rahotanni sun nuna cewa rijiyar da aka samar ta daina aiki. An yi kira ga masu ruwa da tsaki da su ɗauki matakan da suka dace."

Karanta shi da idon mai tuhuma. Wa ya bayyana? Waɗanne rahotanni, alhali marubucin da ƙafarsa ya je? Wa ya gina rijiyar, yaushe ta tsaya? Su wane ne masu ruwa da tsakin, kuma wane mataki ne ya dace? Jimla uku, tambaya shida, babu amsa ko ɗaya. Shugaban ƙaramar hukuma zai karanta wannan ya ci gaba da shan shayinsa, domin babu inda aka taɓa shi.

Ga yadda mai magana da bakinsa zai faɗi abin:

"Na je ƙauyen ranar Talata, na tarar da famfon rijiyar a karye. Mai unguwa ya gaya mini wata huɗu ke nan da ya lalace, kuma sau biyu suna kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma. Ban ga takardun da idona ba. A ganina gyaran yana wuyan ƙaramar hukumar, tunda ita ta gina rijiyar."

Wannan bai fi na farko ado ba, kuma ba ya buƙatar ya fi shi. Abin da ya ƙaru shi ne kowace jimla ta sami uba. Mai karatu ya san abin da marubuci ya gani, da abin da aka gaya masa da wanda ya gaya masa, da iyakar saninsa, da inda ra'ayinsa ya fara. Idan ya yi ƙarya, akwai inda za a kama shi. Wannan shi ake nufi da murya ta kai: mutum ya tsaya inda za a iya nuna shi da yatsa.

Masu kare tsohon salo suna da hujja guda da ya kamata a saurara. Suna cewa tarbiyyar Bahaushe ba ta son yawan "ni", cewa kunya da tawali'u ne ke sa mutum ya ce "an". Gaskiya ne a zaure, inda yaro ba ya tsoma baki gaban manya. Amma wanda ya riga ya buga sunansa a saman rubutu ya tura wa jama'a ya wuce matakin kunya, ya nemi a saurare shi. Ɓuya bayan "an" a wannan lokaci rowar shaida ce. Mu tuna kuma cewa rubutun jaridar Hausa bai fara da wannan sanyin jiki ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, jaridar hukuma ce, amma editanta na farko, Abubakar Imam, an san shi da Hausa mai sauƙi da raha da fuskantar mai karatu kai tsaye. Idan ma'aikacin hukumar mulkin mallaka ya iya riƙe muryarsa, mene ne uzurin wanda ba ya ƙarƙashin kowa?

Sai dai murya ba ta zama murya sai ta ɗore, kuma ɗorewa shawara ce da ake yankewa tun kafin a fara rubutu. Marubuci ya zaɓi wanda ke magana: "ni" ne ko "mu". Kada ya ce "na gani" a sakin layi na farko, ya koma "binciken da muka gudanar" a na uku don ya ƙara wa kansa nauyi. Ya zaɓi wanda yake wa magana, "kai" ne ko "ku", ya tsaya a kai. Ya zaɓi kalmominsa: idan ya ce "kwamfuta" yau, kada gobe ya ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa" don kawai batun ya yi masa kama da na manya. Mafi muhimmanci, ya keɓe wa kowane mataki na yaƙini lafazinsa: "na gani" ga abin da ya gani, "wane ya gaya mini" ga abin da ya ji, "ina zato" ga hasashe. Bayan rubutu goma mai karatu zai koyi wannan ma'auni, ya san nauyin kowace kalma a bakin wannan mutum. Daga nan amana ke tsirowa.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ramin. Suna ɗauka murya ta kai ita ce jera karin magana biyar a sakin layi ɗaya, ko shigo da zancen majalisar shayi, ko labarin ciwon kansu a tsakiyar sharhi kan kasafin kuɗi. Wannan ma wata ɓuya ce, domin surutu yana rufe rashin hujja kamar yadda "an" ke rufe rashin shaida. Kuma akwai wuraren da "ni" ba ta da hurumi. Sanarwar rasuwa, adadin waɗanda hatsari ya rutsa da su, matsayar ƙungiya da mambobi suka amince da ita: waɗannan ba mallakar marubuci ba ne, muryar gida ce ta dace da su.

Gwajin yana da sauƙi. Ɗauki rubutunka na ƙarshe, ka ja layi ƙarƙashin kowane "an" da "aka" da "rahotanni", ka tambayi kowanne: wa? Inda ka san amsa, rubuta ta. Inda amsar ita ce kai, ka ce "ni". Inda kuwa babu amsa, to jimlar jita-jita ce da ta sa babbar riga, ka goge ta kafin wani ya ɗauka ya yaɗa da sunanka.