Wata ya ɓata, gwaji ya ce babu ciki: ina jinin ya tsaya?

Yau za mu taɓo maganar da yawancinmu muka fi son yi a cikin raɗa. Samarin cikinku ma kada su tsallake shafin, domin kuna da ƙanne da yayye mata, kuma zargin da ake yi wa yarinya a kan wannan batu sau da yawa daga rashin sani yake tasowa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne abin da ya sami wata ƙanwarmu 'yar shekara 16 a bara, tana aji shida, tana tsakiyar rubuta jarrabawar WAEC. Al'adarta ta zo ranar 1 ga Mayu. Tunda ta saba gani duk bayan kwana 28, ta sa ran ganin na gaba ranar 29 ga Mayu. Ranar ta zo ta wuce, shiru. Aka shiga Yuni, shiru. Mahaifiyarta ce ta fara lura, saboda ba ta ga ta yi fashin sallah ba. Ranar 5 ga Yuni ta kira ta ɗaki ta rufe ƙofa, ta miƙa mata tsinken gwajin ciki da ta aika aka sayo a kemis. Yarinya ta yi ta kuka tana cewa, "Wallahi Umma ban san kowa ba." Gwaji ya nuna babu ciki. Amma hankalin gidan bai kwanta ba, domin tambaya ta rage: to in ba ciki ba ne, mene ne?

Amsar tana cikin abu ɗaya da ba a cika bayyana mana sosai a darasin kimiyya ba. Ranar zuwan jini ba kalanda ke sa ta ba, fitar ƙwai ke sa ta. A kowane zagaye, ƙwaƙwalwa ce ke aika sinadarai ta cikin jini zuwa ga ma'ajiyar ƙwai da ke gefen mahaifa, ta ba ta umarnin nunar da ƙwai ta sake shi. Da zarar ƙwan ya fita, in bai haɗu da maniyyi ba, shimfiɗar da mahaifa ta tanada za ta zube bayan kimanin kwana 14. Wannan zubewar ita ce al'ada. Waɗannan kwanaki 14 na ƙarshe ba su cika canzawa sosai ba. Kwanakin da ke kafin fitar ƙwai su ne ke iya miƙewa kamar roba. Saboda haka idan al'ada ta makara kuma babu ciki, mafi yawan lokuta ƙwan ne ya makara wajen fita. Babu wani jini da ya taru ya daskare a mara yana jiran a kore shi.

Wata goggonmu da ke aikin jinya ce ta warware wa gidan wannan lissafi. Ba ta tambayi abin da ya faru a makon da jini ya ƙi zuwa ba. Cewa ta yi, "Yaya, ku tuna mini tsakiyar watan Mayu, me ya sami 'yar nan?" Nan aka tuna cewa daga wajen 10 ga wata ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro na kusan mako guda, ba ta iya cin abinci, ga shi tana tashi tsakar dare tana karatu. Ƙwan da ya kamata ya fita wajen 15 ga Mayu bai samu umarni ba, domin jikin yana fama da abin da ya fi gaggawa. Goggo ta ce a ba ta lokaci. Jinin ya zo ranar 12 ga Yuni. In muka ƙirga kwana 14 baya, za mu ga ƙwan ya fita wajen 29 ga Mayu ne, wato a ranar da ake jiran jini. Zagayen ya zama kwana 42 maimakon 28. A 'yan mata masu tasowa, likitoci na ɗaukar zagayen da ya kama daga kwana 21 zuwa 45 a matsayin lafiyayye.

Darasin shi ne, mai neman dalilin makarar al'ada ta waiwaya makonni biyu zuwa uku kafin ranar da ta sa rai. Ta tambayi kanta: na yi rashin lafiya mai zafi, kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot? Na shiga damuwa, ta jarrabawa, ko rasuwa, ko rigimar gida, ko komawa makarantar kwana? Na rame cikin ɗan lokaci, ko don abincin makaranta bai ishe ni, ko don na rage ci da gangan? Ina atisaye mai tsanani, kamar masu shirin gasar gudu? Duk waɗannan ta hanya ɗaya suke bi: ƙwaƙwalwa na jinkirta umarnin idan ta ga jiki yana cikin wahala ko ƙarancin abinci. Sannan akwai ƙuruciya ita kanta. A shekaru biyu zuwa uku na farko bayan fara al'ada, ba kowane wata ƙwai ke fita ba, don haka tsallake ba abin mamaki ba ne.

Amma kafin a jingina komai ga waɗannan, a tabbata gwajin ya faɗi gaskiya. Tsinken yana neman wani sinadari ne a cikin fitsari, mai suna hCG, wanda jiki ke fara samarwa bayan ciki ya zauna a mahaifa. A kwanakin farko sinadarin ba shi da yawa, don haka gwajin da aka yi da wuri zai iya cewa babu alhali akwai. Haka ma idan an sha ruwa da yawa fitsari ya tsinke, ko tsinken ya wuce wa'adinsa. Hanyar da ta dace ita ce a duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin leda, a yi amfani da fitsarin farko na safe, kada a tsoma tsinken ya wuce layin iyaka, kuma a karanta a cikin mintunan da aka rubuta a takardarsa. Layi ɗaya a gurbin C na nufin babu ciki. Layi biyu, a C da T, ko da na biyun ya yi dishi-dishi, na nufin akwai. Idan ba a ga layi a C ba, gwajin ya lalace, sai a sake da sabo. In ya nuna babu kuma jini bai zo ba, a maimaita bayan mako guda. Gwajin da aka yi daidai bayan kwana 21 da saduwa ta ƙarshe abin dogaro ne.

A nan akwai magana biyu da ya kamata mu faɗa a fili. Ta farko, yarinyar da namiji bai taɓa kusantar ta ba ba ta ɗaukar ciki daga masai, ko ruwan wanka, ko aron zane. Mun san waɗanda suka kwana suna kuka saboda irin wannan jita-jita ta ɗakin kwana. Ta biyu, idan wani ya tilasta wa yarinya, laifin ba nata ba ne, kuma kada ta tsaya ƙirga kwanaki ita kaɗai. Ta gaya wa babbar mace da ta amince da ita, a kai ta asibiti da wuri, domin akwai magungunan kariya da ba sa aiki sai a cikin kwanakin farko.

Akwai kuma dalilan da ba sa wucewa da kansu, kuma kowanne yana da alamarsa. Idan al'ada ta saba yin nisa, sau da yawa wata biyu ko uku, ga gashi yana fitowa a haɓa ko ƙirji, ga ƙurajen fuska masu taurin kai, wani lokaci da ƙiba da duhun fata a bayan wuya, likita zai yi tunanin matsalar da ake kira PCOS, inda ƙwayaye ke fara nuna amma ba sa kaiwa ga fita a kan kari. Idan akwai kumburi a gaban wuya irin na maƙoƙo, da faɗuwar gaba da zufa da rama, ko akasin haka, jin sanyi da kasala da nauyin jiki, to ana duba ƙullin da ke gaban maƙogwaro, wanda ke daidaita saurin aikin jiki. Idan ruwan nono na fita ga wadda ba ta shayarwa, alama ce cewa sinadarin da ke kawo nono ya yi yawa, shi kuma yana hana fitar ƙwai. Ana fara gano waɗannan ta tambayoyi da gwajin jini, wani lokaci da sikanin. Magunguna ma na jawo hakan: allurar tazarar haihuwa ga 'yan'uwanmu masu aure, wasu magungunan taɓin hankali, da ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake sayarwa ba bisa ƙa'ida ba. Duk abin da kike sha, ki faɗa wa likita.

To yaushe za a daina jira? Idan aka cika wata uku, wato kwana 90, babu al'ada, a je asibiti ko da gwaji ya sha nuna babu ciki. Haka idan yarinya ta kai shekara 15 ba ta taɓa gani ba. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su: ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, tare da jiri ko suma ko ɗigon jini, domin ciki na iya zama a wajen mahaifa, kuma yana iya kisa. Ciwon kai mai naci tare da raguwar gani shi ma na gaggawa ne.

Abin da muke roƙon ku da ku guje wa shi ne zuwa kemis a ce a ba da maganin saukar da jini, ko shan jiƙon kanwa da tsime-tsime. Wasu ƙwayoyin za su sa a ga jini, amma ba su gyara dalilin ba, sun dai rufe shi. In kuma akwai cikin da gwaji bai kama ba tukuna, abin na iya ƙarewa da zubar jinin da ba a iya tsayarwa a gida.

Ƙanwar tamu yanzu tana da shafi ɗaya a bayan littafinta. Tana rubuta ranar farko ta kowace al'ada, a gefe kuma ta sa ranakun da ta yi zazzaɓi, ko jarrabawa, ko ta sha wani magani. Ranar da Umma ko likita suka tambaya, shafin za ta buɗe. Ku ma ku fara naku daga al'ada mai zuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.